Taron Zoom ya watse ban san kowa ba, yaya ake yi?

"Salam ƴan uwa. Don Allah ina yawan shiga tarukan horo ta Zoom, ana gamawa kowa ya watse, sai dai satifiket ya zo ta imel amma ban san ko mutum ɗaya ba. In aka jefa mu ƙananan ɗakuna ma shiru nake yi har lokaci ya ƙare. Masu cewa sun samu abokan aiki a irin wannan taro yaya suke yi ne?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Ni aikin tattara bayanai nake yi wa ƙungiyoyi, tun lokacin kullen korona a 2020 rabin horon da muke samu ta Zoom ne, to bari in faɗa maka yadda nake yi, ka ɗauki wanda ya yi maka.

Da farko ka duba wane irin taro ka shiga, don ba kowanne ne ake sanin mutane a ciki ba. In `Webinar` ne, kai ɗan kallo ne kawai, ba ka ganin sauran mahalarta, sau da yawa ma akwatin hirar a rufe yake ko kuma masu gabatarwa kaɗai ke ganin abin da ka rubuta. Irin wannan kada ka wahalar da kanka, ka jefa tambaya mai ma'ana a `Q&A`, ka riƙe sunan mai jawabin, shi ke nan. Wanda ake samun mutane shi ne `Meeting`, inda za ka danna `Participants` ka ga sunan kowa.

Kuma sunan nan shi ne abu na farko. Wallahi taro nawa za ka ga an rubuta "TECNO SPARK" ko "iPhone" a madadin sunan mutum, to wa zai neme ka da wannan? Ka shiga `Participants`, ka taɓa sunanka, ka zaɓi `Rename`, ka sa cikakken sunanka da garinku ko aikinka a gajarce. Ka tabbata irin rubutun sunan da ke LinkedIn ɗinka ne, saboda mu sunayenmu Muhammad, Mohammed, Muh'd duk mutum ɗaya ne, amma mai nemanka daga Nairobi bai san haka ba.

Akwatin hira kuma, yawancin mutanenmu gaisuwa kawai suke zubawa a farko, "gaisuwa daga Kano", mutum ɗari su rubuta iri ɗaya ta wuce sama babu wanda ya karanta. Ba laifi ba ne amma ba ta kawo komai. Abin da ke sa a riƙe sunanka shi ne ka jira sai wani ya yi tambayar da mai jawabi bai kula ba, kai kuma ka san amsar, ka ambaci sunansa ka ba shi amsa a layi biyu a `Everyone`. Sau biyu ko uku a taron gaba ɗaya ya isa, in ka cika surutu kuma sai ka zama mai damun mutane. Bayan ka amsa masa a fili ne za ka iya bin sa ta saƙon sirri, ka canza `Everyone` zuwa sunansa. Ka riƙa duba wurin nan kafin ka tura, mutane da yawa sun sha kunya sun tura maganar mutum ɗaya ga jama'a duka.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai sosai: kada ka zuba lambar wayarka a `Everyone`, ko da ka ga kowa na yi ana cewa "a sa ni a guruf". Ƴan damfara na shiga irin tarukan nan su kwashi lambobi, bayan kwana biyu wani ya kira ka da ladabi ya ce daga masu shirya taron ne, akwai zama na biyu, an turo maka lambobi shida na shiga Zoom ka karanto masa. Lambobin nan na WhatsApp ɗinka ne, kana karantowa ya ƙwace, ya fara roƙon kuɗi a wurin danginka da sunanka. Babu mai shirya taron da zai kira ka ya ce ka karanto masa lamba. Ka kunna `Two-step verification` na WhatsApp tun yau, lambarka kuma ka ba mutum ɗaya ɗaya ta sirri.

Yanzu ƙananan ɗakunan, nan ne ainihin wurin. Yawanci mutum huɗu zuwa shida ake jefawa, minti goma ko sha biyar, kuma abin da ke faruwa kusan kullum iri ɗaya ne: ana shiga kowa ya kashe mayik, kyamara a rufe, kowa na jiran wani ya fara, minti biyu su tafi a banza. Shirun da kake yi ɗin nan sauran ma shi suke yi, ba don sun fi ka sani ba. Wanda ya fara buɗe baki shi ake tunawa, kuma ba sai ka iya dogon Turanci ba. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da abin da kake yi a jimla biyu, sannan ka kira sunan wani da kake gani a allo ka ce ko zai gabatar da kansa. Da ka kira suna mutum zai amsa, in ka ce "wa zai fara" babu mai motsi. In kana so ka ƙara, ka ce kai za ka rubuta abin da aka tattauna ka gabatar in an koma babban ɗaki, aikin da kowa ke gudu ne, amma shi zai sa duk taron su ji muryarka, kuma ya ba ka dalilin tambayar kowa imel ɗinsa don ka tura musu abin da ka rubuta.

Bari in ba ka misali da wani horo da muka yi kan KoboToolbox, manhajar tattara bayanai. An jefa mu mu biyar, minti goma, tambayar ita ce wace matsala muke fuskanta a filin aiki. Mutum ɗaya bai ce uffan ba har aka gama, ina jin ya ajiye wayar ya tafi harkarsa. Wata baiwar Allah daga Tamale a Ghana ta ce ma'aikatanta na dawowa daga ƙauye su rantse sun cike fom talatin, ita kuma ta duba ta ga goma sha wani abu ne suka iso. Na tambaye ta ko sun duba wurin da ake ajiye waɗanda ba a kammala ba a KoboCollect, manhajar da ake cike fom ɗin da ita a waya, don fom ɗin da aka ajiye a matsayin `Draft` ba ya tafiya ko da netwok ya dawo, sai an buɗe shi an kammala. Ta ce ba ta sani ba, za ta duba. Daidai nan sanarwar rufe ɗaki ta fito, Zoom kan ba da daƙiƙa sittin in mai taron bai canza ba. Ban tsaya sallama mai tsawo ba, na ce mata ina da ƴar takarda shafi ɗaya da nake ba ma'aikatana ta abin da za su duba kafin su bar ƙauye, in tana so ta rubuto imel ɗinta. Ta rubuto ta sirri, na kwafe a takarda da biro nan take.

Biron nan ba wasa ba ne. Ana rufe taro hirar ta tafi. A kwamfuta akwai `Save Chat` in mai taron bai hana ba, amma yawancinmu da waya muke shiga, ga netwok ɗinmu da ka sani, in ya jefar da kai ka dawo sau da yawa ba za ka tarar da abin da aka rubuta a baya ba. Don haka suna, gari, da abin da mutum ya faɗa, ka rubuta a gefe lokacin da yake faɗa, ko ka ɗauki hoton allon. In kuma netwok ya fitar da kai daga ƙaramin ɗaki ka tsinci kanka a babban ɗaki kai kaɗai da mai taro, kada ka zauna jira, ka duba `Breakout Rooms` ka koma, in babu ka rubuta masa lambar ɗakinku ya mayar da kai. Shi ya sa ana shiga nake fara duba lambar ɗakin. Maganar kyamara, in data ta yi ƙasa ka buɗe ta lokacin gabatar da kanka kawai a ga fuskarka, sannan ka ce netwok ba ƙarfi ka rufe, kowa ya san wannan.

Saƙon bayan taro na tura mata washegari da safe. Da Turanci na rubuta amma ma'anarsa ke nan: "Barka da safiya Hajiya, ni ne wane daga Zariya, muna ɗaki na 4 tare jiya a horon Kobo. Ga takardar da na ce zan turo. Layi na uku shi ne maganar fom ɗin da ba sa isowa. In kin duba wayoyin ina so in ji ko shi ne matsalar." Ka lura ban roƙe ta komai ba, ban haɗa da takardun neman aiki ba, na tuna mata inda muka haɗu, na cika alkawari, na bar tambaya ɗaya mai sauƙin amsawa. Bayan kwana biyu ta amso cewa sun tarar da fom ɗin jibge a wayoyi biyu, ta ƙare da "na gode ƙwarai" da Hausa, ashe a zango ta taso. Daga baya ita ta riƙa turo min sanarwar aiki in ta gani, ni ma in na ga na Ghana in tura mata.

Abin da ke kashe yawancin saƙonnin mutanenmu shi ne "Salam" kaɗai, ko "Hi", a zauna jiran amsa. A gida gaisuwa kafin magana tarbiyya ce, amma wanda ya haɗu da mutum tamanin jiya a allo ba zai gane ka ba, zai ɗauka ɗan damfara ne. Ka yi gaisuwar da maganar a saƙo ɗaya. In ta LinkedIn ne kada ka danna `Connect` haka kawai, ka nemi `Add a note`, a waya kuma yana ɓoye cikin ɗigo ukun nan da sunan `Personalize invite`, wurin ƙarami ne, haruffa 200 zuwa 300, sunan taron da abin da kuka tattauna kawai zai ɗauka. Kuma don Allah samari, in mace ce ka tsaya kan maganar aiki, ka bi ta inda ta ba ka, ba ka ciro lambarta daga guruf ka kira ta da dare ba. Da yawa daga cikin matan da suka daina buɗe kyamara a taro irin wannan ne ya kore su.

Ka tura cikin kwana ɗaya ko biyu, in ya wuce mako an manta fuskarka. Mutum biyu ko uku daga taro ɗaya sun isa, waɗanda kuka yi magana da gaske. Wasu ba za su amsa ba, musamman masu jawabi da saƙo ke yi wa yawa. In shiru, ka bari kamar kwana bakwai zuwa goma ka sake turawa sau ɗaya, wannan karon da wani abu sabo a hannu, ko sanarwar wani taro ko amsar abin da ya tambaya a ɗakin. In ya sake shiru ka ƙyale shi. In kuma ya amsa har kuka sa lokacin kira, ka rubuta agogon wace ƙasa kuke nufi, don Ghana na bayanmu da awa ɗaya, Kenya na gabanmu da awa biyu, ƙarfe huɗunsa ba lallai ita ce taka ba.