Mai gida ya ce in tashi ƙarshen Maris: wa'adin ya cika?

Tambaya: Barista, na kama hayar gida ta shekara ɗaya, daga 1 ga Afrilu 2024 zuwa 31 ga Maris 2025. Da ta ƙare na sake biyan kuɗin shekara, mai gida ya karɓa, ba mu sake rubuta komai ba. Ranar 5 ga Disamba 2025 ya kira ni a waya ya ce yana son gidansa. Takarda ba ta zo ba sai 20 ga Janairu 2026, ta ce in fita 31 ga Maris. Yarjejeniyarmu ta ce sanarwar wata uku a rubuce. Dole in fita ranar?

Amsa: Malam, ɗauko yarjejeniyar ka ajiye ta gefen takardar da aka aiko maka, domin amsar tana tsakanin su biyun.

Hayarka ta farko mai ƙayyadadden wa'adi ce. Irin wannan tana ƙarewa da kanta idan ranarta ta zo, kuma sau da yawa ba ta buƙatar dogon gargaɗi. Amma da mai gida ya miƙa hannu ya karɓi kuɗin shekara ta biyu, kuma babu sabuwar takarda, a dokokin ƙasashe da dama zamanka ya koma hayar shekara-shekara, bisa sharuɗɗan tsohuwar yarjejeniya. Ita kuwa wannan ba ta mutuwa sai an kashe ta da sanarwa. Ka duba ko akwai sakin layin da ya faɗi abin da zai faru idan ɗan haya ya ci gaba da zama, don idan akwai, shi za a fara bi.

Sai maganar lissafi, inda masu gida suka fi yin tuntuɓe. Tunda an rubuta "a rubuce", kiran wayar Disamba ba ya cikin ƙirga, ko da ka amsa da "to". Agogo ya fara tafiya ne ranar da takarda ta iso ta hanyar da yarjejeniya ta tanada. Wata uku daga 20 ga Janairu ya kai ka wajen 20 ga Afrilu. Wanda ke son ka fita 31 ga Maris, ya kamata takardarsa ta iso kafin Disamba ta fita. Ka ga ke nan sanarwar ta gaza da kusan mako uku. Kada kuma ka ɗauka gyaranta shi ne a ƙara maka kwanakin nan kawai. Kotuna da yawa na ɗaukar gajeriyar sanarwa kamar ba a bayar ba, sai an sake sabuwa. A wasu wuraren ma sanarwar hayar shekara-shekara dole ta ƙare daidai da ƙarshen shekarar hayar, wasu kuma sun sassauta wannan. Shi ya sa nake so ka kai takardun biyu wurin lauyan da ya san dokar haya ta inda kake, musamman tunda wata dokar tana da mafi ƙarancin wa'adin da yarjejeniya ba ta isa ta rage ba.

Akwai sakin layin da nake roƙon ka karanta da idon basira, na karya sharaɗi. Idan ana bin ka bashin haya, ko ka saka wani a gidan ba da izini ba, yawanci wannan sashe yana ba mai gida damar kawo ƙarshen hayar ba tare da jiran wata ukun ba. Ban ga alamar haka a wasiƙarka ba, amma ka adana rasit ɗin kowane biya, da ambulan ɗin takardar, ka rubuta ranar da ta zo da wanda ya kawo ta.

Zaɓi biyu ke gabanka. Idan dama kana da niyyar tashi, ka rubuta masa cikin ladabi cewa sanarwar ba ta cika wata uku ba, ka nemi ku tsayar da ranar da za ta ishe ka neman wani gida, ku sa hannu ku biyu, har da yadda za a biya kwanakin da suka haura Maris. Ni wannan na fi so maka, don shari'a da mai gida tana cin lokaci da zumunci. Idan kuma zama kake so, ka amsa a rubuce, ka miƙa kuɗin haya a kan lokaci ta hanyar da ke barin shaida, ko da ya ƙi karɓa.

Ko sanarwar ta inganta, cikar wa'adi ba ta ba shi ikon canza makulli, cire ƙofa, yanke wuta ko fitar da kayanka ba. A mafi yawan wurare sai ya je kotu ya samo umarni, jami'an kotu ne kuma za su zartar. Idan sammaci ya zo, kada ka ƙi zuwa. Ka je da takardun nan biyu a hannunka.