Yadda za ka haɗa guntayen bidiyon gida su zama labari guda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da guntayen bidiyo kusan talatin a wayata: na sunan ɗan yayana, na Babbar Sallah, na ranar da muka kwaso gero daga gona, da na bikin ƙanwata. Kawunmu yana Legas, bai samu zuwa ko ɗaya ba, ina so in haɗa masa su wuri guda. Na jera su a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut bisa kwanan wata, ya kai minti goma sha takwas, amma ko 'yan gidanmu ba su iya kallonsa har ƙarshe ba. Me ya kamata in gyara? Daga wani mai karatu a yankin Ringim, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jeri bisa kwanan wata shi ne ya kashe maka aikin. Mai kallo yana zama ne idan akwai wani da yake bi, kuma yana jiran ya ga abin da zai same shi. Taro huɗu daban-daban ba su ba shi wannan, domin kowane yana farawa da sababbin fuskoki, ya ƙare ba tare da ya ja na gaba ba.

Saboda haka kafin ka sake buɗe CapCut, ɗauki takarda da biro. Ka kalli guntayen ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta wa kowane layi guda: wa ke ciki, me yake yi, da rana ne ko da dare, a tsaye aka riƙe wayar ko a kwance. Idan ka gama, duba sunan da ya fi maimaituwa, sannan ka tambayi kanka wane ne cikinsu rayuwarsa ta canza a wannan shekarar. A abin da ka lissafa, ƙanwarka ce. Da fari 'yar gida ce, a ƙarshe an kai ta ɗakinta. Labarinka ke nan: shekarar ƙarshe da ta yi a gidanku. Suna da Sallah da girbi duk sai su zama wuraren da muka gan ta kafin ta tafi.

Fara da zaɓar ƙarshen. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe, domin idan ka san inda za ka sauka, kowane guntu zai nuna maka da kansa ko yana kan hanya ko ba ya kai. Nemi lokacin da aka fito da ita lulluɓe, ko lokacin da mota ta tashi da 'yan kai amarya. Kada ka ƙare da taron ɗaurin aure a ƙofar masallaci ko da hoton jama'a a tsaye, don ita ba ta wurin. Daƙiƙa talatin sun isa ƙarshe.

Sai farko. Aikinsa ya nuna wa kawu wuri da mutum cikin daƙiƙa ashirin zuwa talatin. Ka buɗe da hoto mai faɗi, kamar hanyar gona ko ƙofar gida ko amalanke ɗauke da dammunan gero, na daƙiƙa huɗu ko biyar. Sannan ka matso kusa da ita tana wani aiki na yau da kullum, ko kawo abinci gona, ko daka, ko wanke-wanke ranar suna. Ko da a gefen hoton ta fito, ja hoton da yatsu biyu a cikin manhajar har ta dawo tsakiya. Kada dai ka ja da yawa, hoton zai dushe. Rubutu layi ɗaya a kan allon, sunan garinku da shekarar, ya wadatar.

Tsakiya ita ce mai tsawo, kimanin minti biyu, kuma a nan ake yawan ɓata. Dokarta ita ce kowane guntu ya fi na bayansa kusantar tafiyar. Misali, ita riƙe da jaririn ranar suna, mata suna tsokanarta; sai ita ranar Sallah tana suyar nama tare da Inna; sai kayan ɗaki sun fara taruwa a tsakar gida; sai lalle da ƙawaye; sai fuskar Inna tana kallonta. Ka ga hankali yana tashi mataki-mataki. Kowane yanka ya tsaya tsakanin daƙiƙa huɗu zuwa takwas, sai dai inda ake magana mai daɗi, nan ka bari mai maganar ya kai aya. Ana yankan ne da Split: ka tsayar da farin layin da ke ratsa jerin guntayen a inda kake so, ka danna, ka goge ragowar da Delete. Dukan bidiyon zai tsaya a wajen minti uku, wato yanka wajen talatin daga cikin guntaye goma sha biyu zuwa sha biyar. Na san barin rabin abin da ka ɗauka zai yi maka ciwo, musamman yankan rago da gaisuwar dattawa. Tura wa kawu waɗannan daban, ba sai sun shiga wannan ba.

Kana da 'yancin sauya jeri, amma yana da iyaka. Kawu ɗan gida ne, ya san kakar gero da lokacin hunturu, ya san damina idan ya ga kore shar a bayan mutane. Idan jaririn ya fito yana zaune a minti na farko, sannan ya koma cikin zanin goyo na ranar suna a minti na biyu, kawu zai rikice. Duk abin da ke girma ko canzawa a ido, jariri da shuka da ginin da ake yi, bar shi a jerinsa na gaskiya. Kuma kada ka ɗauko kukan Inna na wata rana ka liƙa shi a kai amarya. Iyali za su gane, kuma ba daidai ba ne.

Abin da ke ɗinke tarukan su zama ɗaya shi ne sauti. Idan kowane guntu ya zo da hayaniyarsa, kunne yana jin tsalle tun kafin ido ya gani. Ka rage Volume na guntayen da ba magana a cikinsu, ka shimfiɗa sauti guda a ƙarƙashinsu. Wanda ya fi kyau shi ne muryar Inna ko ta Baba. Zaunar da ɗayansu a ɗaki, nesa da injin niƙa da janareta, ka ɗauki minti ɗaya suna ba da labarin yarinyar da yi mata addu'a. Wata dabara kuma, ka ciro sautin guɗa daga bidiyon biki da Extract audio, ka ja shi baya ya fara daƙiƙa biyu kafin hoton bikin ya bayyana. Guɗar ce za ta jawo mai kallo daga Sallah zuwa biki ba tare da ya ji an yanke ba. Kwalliyar juye-juye da walƙiya tsakanin guntaye kuwa, bar ta. Ka zaɓi siffa ɗaya tun farko, 9:16 idan yawancin guntayen a tsaye suke, 16:9 idan a kwance.

Ga gwajin da zai nuna maka ko ka dace. Kashe sautin gaba ɗaya, ka miƙa wa wani maƙwabci da bai san shirinka ba. Idan ya gama ya ce maka labarin auren ƙanwarka ne, aiki ya yi. Idan ya ce ya ga suna, ya ga Sallah, ya ga biki, to ba ta fito sosai a farko ba, ko tsakiyar ta cika da waɗansu mutane. Lura kuma da inda ya ɗauke ido daga wayar, guntun da ke wurin ya yi tsawo.

Kafin ka tura, nuna wa amaryar da mijinta da matan da suka fito a cikin gida, duk wadda ba ta yarda ba ka cire ta. Ka fitar da shi a 720p don ya yi sauƙin data, sannan a WhatsApp ka tura shi ta Document, domin ta hanyar Gallery manhajar tana matse bidiyo, fuskokin da aka ɗauka da dare su ƙara dushewa.