Farin tsuntsu mai baƙin baki, balbela ce ko wani ne daban?

"Salam 'yan uwa, na ɗauki hoton wani farin tsuntsu a bakin ruwa, ni dai na ɗauka balbela ce amma sai na ga bakinsa baƙi ne kuma ƙafafunsa na cikin ruwa. Ta yaya zan gane ko wane ne?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Na yi zumin hoton naka na duba shi sosai, kuma gaskiya wannan ba balbela ba ce, ƙaramin farin zalɓe ne, wanda in za ka nemo shi sai ka rubuta Egretta garzetta. Amma ba don baƙin bakin kaɗai na ce haka ba, domin launi ya taɓa yaudarata. Shekarun baya na ɗauki hoton wani farin tsuntsu mai baƙin baki na rubuta shi a littafina a matsayin ƙaramin zalɓe, sai daga baya wani dattijo da ya fi ni daɗewa a harkar ya nuna min ashe ɗan balbela ne, su 'ya'yan balbela bakinsu baƙi ne kafin ya rikiɗe ya koma rawaya. Tun daga ranar nake fara duba siffa kafin launi.

Abin da nake yi shi ne in auna bakin da kan tsuntsun kansa, tunda hoto ba ya gaya maka girma. Ka ɗora yatsa daga tsinin baki zuwa inda gashi ya fara, sannan ka gwada wannan tsawon daga goshi zuwa ƙeya. A hotonka bakin ya fi kan tsawo, siriri ne miƙaƙƙe kamar tsinken mashi. Na balbela gajere ne mai kauri, kuma tana da wani abu da ba ya ɓuya, gashin haɓarta yana tafiya har ƙarƙashin bakin sai ka ga kamar tana da kumburi a muƙamuƙi, ga wuya gajere da take yawan noƙe shi. Naka babu wannan haɓar ko kaɗan, fuskarsa a tsuke take. Sai dai a kula, wannan awon yana aiki ne kawai in tsuntsun ya ba ka gefe kamar yadda naka ya yi, in ya ɗan juyo yana kallon kamara to dogon baki ma sai ya koma guntu a hoto.

Ƙafa kuma duk da ruwa ya rufe rabinta ba a rasa komai ba. Ka dubi gaɓar nan da muke cewa gwiwa, wadda take lanƙwasawa ta baya (a zahiri ma idon sawu ce, gwiwar gaske tana ɓoye cikin gashin ciki). Daga ita zuwa ciki akwai doguwar ƙafa baƙa wadda ba gashi, shi ya sa cikinsa ya yi nesa da ruwa haka. A balbela wannan wurin gajere ne. Ita tsawonta bai wuce santimita 46 zuwa 56 ba, shi kuma yana kai 55 zuwa 65, bambancin ba wani yawa amma shi duk a ƙafa da wuya tsawon nasa ya tafi. Da a ce ya ɗaga ƙafa ɗaya da magana ta ƙare, domin ƙafarsa baƙa ce amma yatsun rawaya ne kamar ya taka fenti, ko da yake taɓo kan rufe su wani lokaci su yi baƙi ƙirin.

Maganar gashi, a fararen tsuntsaye shi ne mafi raunin shaida, musamman hoton tsakar rana da haske ke wanke komai ya zama fari fat. Ka rage hasken hoton a wayarka ka sake duban ƙeya, ni na hango wani siririn dogon gashi yana reto a wurin, guda biyu yake fitarwa lokacin barbara. Balbela a irin wannan lokaci ruwan goro-goro take yi a ka da ƙirji da baya, ba ta yin wannan zankon.

Abu ɗaya da zan tambaye ka, bakin teku ne ko ruwan daɗi? In teku ne akwai wani ɗan uwansa, Egretta gularis, da wasunsu fari ne tas kuma suna kama sosai, sai dai bakinsu ya fi kauri, yana ɗan sunkuyawa, kuma ba ya yin baƙi wuluk irin na hotonka. In kana da sauran hotunan da ka ɗauka a jere ka turo su ko da sun yi dishi-dishi, musamman wanda yake taku ko ya tashi sama, a nan yatsun suke fitowa.