An ce ban samu aikin ba: yaya zan amsa imel ɗin har a faɗa mini inda na gaza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na nemi aikin jami'in shigar da bayanai a wani kamfani a Abuja. Na yi gwajin Excel na minti 45, sannan mutum biyu suka yi mini intabiyu ta Zoom. Jiya imel ya shigo cewa sun ɗauki wani. Ina son in yi musu godiya, in kuma ji inda na gaza. Na danna Reply a waya, sai na ga adireshin ya fara da no-reply. In tura haka nan? Kuma me zan rubuta? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ɗan'uwa, kada ka tura tukuna, domin adireshin nan ba na mutum ba ne. Manyan kamfanoni suna tattara masu neman aiki a cikin manhajar ɗaukar ma'aikata irin su Workday, Greenhouse da Lever. Idan jami'i ya sauya matsayinka zuwa wanda ba a ɗauka ba, manhajar ce ke fitar da wasiƙar da aka riga aka tsara, ta liƙa sunanka a kai. Shi ya sa wani lokacin za ka ga adireshin ya ƙare da myworkday.com ko hire.lever.co maimakon sunan kamfanin. Abin da aka aika irin wannan akwati ko dai ya dawo, ko ya kwanta inda ba mai leƙawa.

Fara da binciken inda amsa za ta faɗa. A manhajar Gmail, buɗe saƙon, ka taɓa ɗan kibiyar da ke kusa da to me a ƙarƙashin sunan mai aikowa. Za ka ga From, To da Date, wani lokacin har da layin Reply-to. Idan akwai wannan layin kuma yana ɗauke da adireshin jami'i ko na sashen ma'aikata, ka huta: Reply zai kai saƙonka can kai tsaye. Tunda kai no-reply ka gani a gurbin To, alama ce babu shi, sai ka nemo mutum da kanka.

Tunda an yi maka intabiyu, akwai wanda ya taɓa rubuto maka da hannunsa. A gurbin bincike na Gmail rubuta wannan, ka sa ainihin ƙarshen adireshin kamfanin:

```
from:sunankamfani.com
```

Saƙonnin da suka zo daga adireshin kamfanin za su fito. Nemi wanda aka sa maka ranar gwaji ko aka turo mahaɗin Zoom a ciki. Idan gayyatar ta shiga Google Calendar, buɗe ranar, sau da yawa adireshin wanda ya shirya zaman da na masu tambayar suna nan a jerin mahalarta. Zaɓi mutum ɗaya. A ganina wanda ya yi maka tambayoyin aikin ya fi jami'in ma'aikata amfani a nan, domin shi ya ga gwajinka da idonsa. Buɗe tsohon saƙonsa ka danna Reply a kai, ba Reply all ba. Amfanin amsawa a kan tsohon saƙo shi ne hirarku ta baya tana ƙasa, ba sai ya tsaya tunanin wane ne kai ba, kuma amsar da ke cikin tsohuwar hira ba ta cika faɗawa Spam kamar sabon saƙo ba. Shi kuwa Reply all, idan mutum huɗu suka ga tambaya ɗaya, kowa zai bar wa ɗan'uwansa.

Sai abin da za ka rubuta, kuma a nan yawancin mutane ke asarar damar. "Don Allah ku faɗa mini kurakuraina" tambaya ce mai faɗi. Mai karantawa zai ga tana buƙatar ya koma ya buɗe fayil ya zauna rubutu, ga kuma tsoron kada ya faɗi abin da za a riƙe kamfani da shi gobe, sai ya yi shiru ko ya ce "mun samu wanda ya fi dacewa". Ka yi tambayar da za a iya amsawa da layi ɗaya a tsaye, kuma ka nuna cewa ba ja da hukuncin kake yi ba. Ga yadda naka zai kasance, sai ka rubuta shi da harshen da suka rubuto maka:

"Barka da aiki. Na samu saƙonku game da gurbin jami'in shigar da bayanai. Na gode da sanar da ni, da kuma lokacin da kuka ba ni ranar Talata. Na karɓi hukuncin. Tambaya ɗaya nake da ita domin in gyara gaba: tsakanin gwajin Excel da amsoshina a intabiyu, wanne ya fi ja ni baya? Idan gwajin ne, sauri ne ko daidaiton bayanan? Ko layi ɗaya ya ishe ni, idan kuma ƙa'idar kamfani ba ta yarda ba, na fahimta. Zan so ku tuna da ni idan irin wannan gurbi ya sake buɗewa."

Ka sa cikakken sunanka da lambar gurbin aikin a ƙasa, in akwai ta. Lura da yadda tambayar ta ba shi zaɓi biyu kacal. Idan ya ce gwajin ne, kuma saurin ne, ka san abin da za ka zauna ka koya a satin nan. Idan ya ce intabiyu ne, ka san hannunka lafiya lau, bayanin baki ne ke son gyara. Kada ka tambayi wa aka ɗauka ko me ya fi ka da shi, ba za su faɗa ba. Kada kuma ka maƙala takardu ko ka sa mahaɗi. Suna da takardunka, kuma matatar imel ta kamfani ta fi tsananta wa saƙo mai ɗauke da su.

Kafin ka tura, karanta sunan mutumin harafi-harafi, domin allon rubutun waya yana da halin sauya sunayenmu zuwa kalmomin Turanci ba tare da ka lura ba. Goge layin Sent from my da wasu wayoyi ke liƙawa a ƙasa. Tura cikin kwana ɗaya zuwa biyu, tun suna tune da fuskarka. Idan dare ne ko ƙarshen mako, taɓa ɗigo uku da ke sama a shafin rubutun, ka zaɓi Schedule send, ka sa ƙarfe 9 na safiyar ranar aiki, don kada saƙonka ya nutse ƙarƙashin na dare.

Bayan turawa, idan saƙo ya dawo daga Mail Delivery Subsystem da Address not found ko lamba 550 5.1.1, adireshin babu shi, ko an yi kuskuren harafi ko mutumin ya bar wurin. Gwada adireshin mutum na biyun. Idan 5.7.1 ka gani, an hana saƙonka shiga ne, yawanci saboda ƙa'idar tsaron kamfanin. Idan ba abin da ya dawo, saƙon ya bar hannunka. Riƙa leƙa Spam, ka jira kwana bakwai zuwa goma, ka tuna musu sau ɗaya da layi biyu a kan wannan hirar. In aka sake shiru, ka bar shi haka. Wasu kamfanonin sun hana ma'aikatansu ba da irin wannan bayani gaba ɗaya.

Idan kuwa amsar ta zo da cewa ka biya kuɗi a sake duba takardunka, ko ka danna mahaɗi ka sa kalmar sirrin imel ɗinka don ganin makinka, ko ka turo BVN, wannan damfara ce. Kada ka amsa, taɓa ɗigo uku ka zaɓi Report spam.