Amsa kiran sallah da addu'ar bayansa: yadda na koya, yadda nake koyarwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tsaron shago a Birnin Kebbi. Tun ina yaro nake ganin kakana yana bin ladan idan ana kiran sallah, amma da an gama shahada sai ya yi shiru har a ƙare. Wani abokina ya ce wannan kuskure ne, sai an bi har ƙarshe. Wanne ne daidai? Sannan addu'ar bayan kira na haddace ta amma ban san me nake roƙo ba. A taimaka, Allah ya saka.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara maka son sani. Na daɗe ina riƙe wa ladanin unguwarmu kira a Argungu duk lokacin da ya yi tafiya ko jiki ya motsa masa, ina kuma karantar da magidanta bayan Isha'i, to wannan tambayar taka ba baƙuwa ba ce a wurina.

Kada ka ce wa kakanka ya yi kuskure. Abin da yake yi karatu ne, ba mantuwa ba. Mashahurin zance a mazhabar Imam Malik, wanda yake cikin Mukhtasar na Khalil da malamanmu na zaure suka karantar shekara da shekaru, shi ne mai sauraro ya bi ladan zuwa ƙarshen shahada biyu. Dalilinsu kuwa, kabbara da shahada zikiri ne da kowa zai faɗa ya samu lada, amma "hayya alas salah" kira ne, ku taho ga sallah, kai kuma da kake zaune a shago ba kiran kowa kake yi ba. Shi ya sa za ka ga dattawa da yawa a Gwandu, Jega da nan Argungu suna tsayawa a nan. Sai dai ko a cikin malaman Malikiyya akwai waɗanda suka zaɓi a bi har ƙarshe, kuma ni abin da nake yi ke nan, shi nake koya wa ɗalibaina, saboda hadisin Sayyidina Umar da Muslim ya ruwaito bai bar wurin shakka ba. A cikinsa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi kiran jimla bayan jimla: ladan ya ce Allahu Akbar Allahu Akbar, ɗayanku ya faɗi haka, ya yi shahada, ya yi, da ya zo kan "hayya alas salah" sai amsar ta zama "la haula wa la ƙuwwata illa billah", haka ma a "hayya alal falah", sannan kabbara, sannan "la ilaha illallah". Ya rufe da cewa wanda ya faɗi haka daga zuciyarsa zai shiga Aljanna. Abokinka yana da gaskiya a kan cewa bi har ƙarshe ya fi, kakanka kuma yana kan maganar malamai. Amsa kiran ma kanta mustahabbi ce a wurin mafi yawan malamai, ba farilla ba, don haka ba abin da zai sa a yi ta-da-jijiyar wuya a gida.

Ka lura da hikimar canjin da ke tsakiya. An ce maka taso ga sallah, taso ga babban rabo, kai kuma ga mai saye a gabanka yana ƙirga canji, ko ga sanyin hunturu ka lulluɓa da bargo da asuba. Amsarka ita ce: ba ni da dabarar barin abin da nake ciki, ba ni da ƙarfin tashi, sai da taimakon Allah. Na ga mutane da dama da suka ce mini tun da suka fahimci wannan ma'anar, faɗin ta kaɗai ke sa ƙafa ta motsa.

Akwai wurin da yake rikita mutane a garuruwanmu, domin kira iri biyu kake ji a unguwa ɗaya. Wani masallacin ladan zai yi kabbara huɗu a farko, ya yi kowace shahada sau biyu, jimloli 15 ke nan, kiran Bilal. Wani kuma, musamman tsofaffin masallatai, kabbara biyu zai yi, sai ka ji muryarsa ta yi ƙasa ya faɗi shahada biyun, sannan ya ɗaga murya ya maimaita su, jimloli 17 ke nan. Wannan maimaicin shi ake kira tarji'i, kuma Annabi ne ya koya wa Abu Mahzura shi, ladanin Makka. Dukansu ingantattu ne. Kai dai abin da kunnenka ya ji shi za ka bi: ya yi kabbara huɗu ka yi huɗu, ya yi biyu ka yi biyu. Idan lasifika ba ta kawo maka shahadar ƙasa-ƙasa ba, ka amsa ta mai ƙarfin, ya wadatar. Kuma a bayansa kake, ba a gabansa ba. Wasu ladanai suna jan murya sosai, sai gajen haƙuri ya sa mutum ya karanto kiran gaba ɗaya ya shafa addu'a alhali ladan bai kai "hayya alal falah" ba. Ka jira ya sauke numfashi a kowace jimla, ka cika wannan shirun da amsarka.

A kan shahada akwai ƙarin da ya zo a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas, shi ma a Muslim: "Ash'hadu an la ilaha illallahu wahdahu la sharika lah, wa anna Muhammadan abduhu wa rasuluh, raditu billahi rabban, wa bi Muhammadin rasulan, wa bil Islami dinan." Wanda ya faɗe shi idan ya ji ladan, an gafarta masa zunubinsa. Malamai sun saɓa ko bayan shahadar ladan ake faɗa ko bayan an gama kira. Ni ina faɗa da zarar ya gama shahada, domin a lokacin akwai sarari kafin ya ɗauko "hayya alas salah".

Da asuba kuma, idan ya ce "assalatu khairun minan naum", ka maimaita kamar yadda ya faɗa. Za ka ji wasu suna cewa "sadaƙta wa barirta", yana cikin wasu littattafan fiƙihu, amma Ibn Hajar ya ce ba shi da asali a hadisi. Umarnin da ya tabbata shi ne ku faɗi irin abin da ladan yake faɗa, kuma wuri biyu kawai aka ware.

To ladan ya ce "la ilaha illallah", kai ma ka faɗa. A nan ne na fi ganin ana tsallake mataki, ni ma na yi shekaru ina tsallake shi. Ina ajiye makirufo sai in faɗa cikin "Allahumma rabba" kai tsaye. Wata rana bayan La'asar wani dattijon malami da ya sauka a unguwarmu ya kama hannuna a bakin masallaci, ya ce, "Ɗana, ka roƙa wa Annabi wasila, amma ina salatin?" Ya karanto mini hadisin Abdullahi ɗan Amr ɗan As: idan kun ji ladan ku faɗi irin abin da yake faɗa, sannan ku yi mini salati, domin wanda ya yi mini salati ɗaya Allah zai yi masa goma, sannan ku roƙa mini wasila. Abu uku ne a jere, ni kuwa biyu nake yi. Salatin da ya fi shi ne na Ibrahimiyya da kake yi a tahiya, idan kuma lokaci ya ƙure "Allahumma salli ala Muhammadin wa sallim" ya isar. Da muryar da kai za ka ji kanka ake yi, ba sai maƙwabci ya ji ba.

Ita addu'ar, ga lafazinta kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi:

"Allahumma rabba hazihid da'awatit tammah, was salatil ƙa'imah, ati Muhammadanil wasilata wal fadilah, wab'as'hu maƙaman mahmudanil lazi wa'adtah."

Farkonta kana cewa, ya Allah Ubangijin wannan cikakken kira. An ce masa cikakke ne saboda kiran tauhidi ne, babu tawaya a cikinsa, ba kuma zai canza ba har tashin ƙiyama. "Was salatil ƙa'imah" ita ce sallar da ake shirin tsayarwa yanzu, wasu malaman kuma suka fassara ta da sallar da za ta dawwama. Daga nan sai roƙon kansa, kuma ka duba da kyau, babu abin da ka roƙa wa kanka a ciki. Wasila, Annabi da bakinsa ya fassara ta: matsayi ne a Aljanna da bai dace da kowa ba sai bawa guda cikin bayin Allah, ya ce ina fatan ni ne shi. Fadila ita ce fifiko a kan sauran halitta. Maƙamul mahmud kuwa shi ne wanda Allah ya ambata a Suratul Isra'i aya ta 79, kuma mafi yawan malaman tafsiri sun ce babban ceto ne, ranar da mutane za su gaji da tsayuwa su je wurin Annabi Adam, Nuhu, Ibrahim, Musa da Isa, kowa ya tura su gaba, har su iso wurin Annabi Muhammadu ya yi sujada a ba shi izinin ceto. Ladanka kai mai roƙo yana ƙarshen hadisin: cetona ya tabbata gare shi ranar ƙiyama.

Na san akwai yiwuwar abin da ka haddace ya fi wannan tsawo, domin mu ma haka muka taso da shi a makarantar allo. "Wad darajatar rafi'ah" da ake sakawa bayan "wal fadilah" ba ya cikin hadisin, malaman hadisi irin su Ibn Hajar da Sakhawi sun faɗi haka, don haka na bar shi. "Innaka la tukhliful mi'ad" kuma ya zo a ruwayar Baihaƙi, wasu sun karɓa, wasu sun ce mai ruwaya ɗaya ne ya saɓa wa sauran. Wanda ya faɗa ba na hana shi, amma ɗalibina lafazin Bukhari nake ba shi, gajere ne kuma ba a jayayya a kansa.

Bayan nan sai ka buɗe taka buƙatar da Hausarka, kasuwa, lafiyar iyaye, zaman lafiyar ƙauyukanmu. Hadisin Anas a Abu Dawud da Tirmizi ya ce ba a mayar da addu'a tsakanin kiran sallah da iƙama.

Tunda a shago kake, na san masallatai biyu ko uku za su kama kira kusan lokaci guda. Ka zaɓi ɗaya ka bi shi har ƙarshe, wanda ya fara ko na masallacin da za ka yi sallah, maimakon ka yi ta tsalle tsakaninsu. Idan mai saye ya tsare ka har ladan ya yi nisa, ka rama abin da ya wuce da sauri ka cim masa, muddin ba a daɗe da gamawa ba. Kiran da wayarka take yi, ko na rediyo da aka naɗa, tunatarwa ce kawai, ba ladan ba ne ke kira a lokacin. Kana karatun Alƙur'ani, ka dakata ka amsa ka koma. Kana bayan gida, ka yi shiru sai ka fito. Ka kuma gaya wa matan gidanku cewa su ma nasu ne, ko da mace tana cikin kwanakin da ba ta sallah, domin zikiri ne ba ya buƙatar alwala.

Ka gaishe mini da kakanka. Idan za ka kai masa hadisin Umar, ka kai masa a matsayin tambaya, ka ce ka ji ana karantawa kana son ya duba maka.