Buɗe jawabin maraba a bikin yaye ɗalibai

"Ni zan yi jawabin maraba a bikin yaye ɗaliban sakandarenmu, da me zan buɗe?"

Malam, ka fara da sallama, sannan ka jero manyan baƙi bisa girman muƙaminsu, domin idan ka ambaci shugaban makaranta kafin Hakimi, za ka ga fuskoki sun canza. Kana iya cewa: "Assalamu alaikum. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, shugaban taro, malamai, iyayenmu maza da mata, barkanku da zuwa. Ɗalibanmu da kuka kammala shekara 6 a nan, yau ranarku ce, muna taya ku murna." Kada ka wuce minti 2, godiya kuma akwai mai yin ta a ƙarshen taro.