Wane ruwan inabi ke tafiya da balangu da miyar tonka?

«'Yan'uwa, ran Asabar ina da baƙi nan Yamai, za a yi balangun rago da miya mai attarugu. Na taɓa haɗa jan ruwan inabi da irin wannan abinci, bakina ya kama wuta. Wane iri zan saya?»

Ɗan'uwa, shekarata goma sha ɗaya ina zuba wa baƙi abin sha a wani gidan abinci nan Yamai, kuma abin da ya same ka na gan shi ya fi a ƙirga.

Kafin ka dubi kuɗin kwalba, dubi lambar da ke jikin takardarta. Ƙarfin giya yana rura zafin tonka kamar an fifita garwashi, don haka mai 14 cikin ɗari ba naka ba ne. Jan mai nauyi kuma, irin na Bordeaux, yana da baurin nan da ke kama harshe kamar shayin da ya daɗe a wuta. In ya gamu da yaji sai ya koma ɗaci. Wani dare na ga baƙo ya nace sai shi, wai ai ja ake sha da nama. Ya dangwali yaji, ya kurɓa, sai ga gumi a goshinsa, yana miƙo hannu a ba shi ruwa. Rabin kwalbar na mayar.

Abin da ke kwantar da tonka shi ne ɗan zaƙi da sanyi. Don miyarka, nemi Rosé d'Anjou, ƙarfinsa wajen 11 ne kuma yana da zaƙi-zaƙi, ko fari wanda aka rubuta demi-sec a jikinsa, wato mai ɗan zaƙi, kamar wasu na Vouvray. Sa shi a firigo awa uku, a tebur kuma ya zauna cikin bokitin ƙanƙara. Ka zuba kaɗan-kaɗan, don zafin garin nan ba ya barin kofi da sanyinsa ko minti goma.

Balangu ya fi sauƙi, tunda kitsen rago da ƙuli-ƙulin cikin yaji suna rage kaifin tonkar. Mai son ja a ba shi Beaujolais, baurinsa kaɗan ne, amma shi ma ya yi rabin awa a firigo. Ka ce wa mai nama ya ƙulla yajin daban, kowa ya dangwala daidai bakinsa.

A wurin saye, in ka ga toshiyar ta turo sama ko wuyan kwalbar yana danƙo, zafi ya dafa ta, ajiye ta.

In uwargida ta ɗora miyar, ɗanɗana cokali guda, ka kurɓa, ka ƙirga goma. In zafin ya lafa, kun dace. In miyar ta kai ta sa hawaye, babu kwalbar da za ta iya da ita. A rage attarugun, ko a ajiye kindirmo mai sanyi kusa.